Katin Awon Ɗan Wabi

Na haura shekara arba'in kafin in fara riƙe fensir. Ungozoma ce ni, ni na yanke cibiyar rabin yaran unguwarmu a Illela, kuma da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata sai na shiga na zauna tsakanin 'yan matan da ni na yi musu wankan farko. Sun yi wata biyu suna dariya, suka gaji. Da na samu takardar shaida, ɗakin magani na En'e, hukumar gargajiya ta wancan zamani, ya ɗauke ni in riƙa taimakon Sista ranar awon jarirai. Bayan samun mulkin kai ne da kaɗan.

Sista ma'aikaciyar jinya ce, na haife ta a shekaru. Daga Sakkwato take zuwa sau ɗaya a wata, ranar Litinin, washegarin kasuwa. Sauran ranakun Litinin ni ke awo, in ajiye mata masu wuya. Aikin ba shi da sarƙaƙiya a faɗe. A tuɓe yaro a ɗora shi a farantin sikeli, a tambayi abin da yake sha da abin da yake ci, a duba shi, a kalli yadda yake kama nono. Daga nan a rubuta nauyinsa da abin da aka gani da shawarar da aka ba uwa a kan kati mai kauri, a sa ranar dawowa. Uwa ke tafiya da katin gida. Ni ke rubutun, kuma ina ji da shi ƙwarai a lokacin.

Wata Litinin ta zuwan Sista, cikin bazara, zafi ya sa ko ƙuda ba ya tashi, wasu mata biyu daga ƙauyen Garu suka shigo a ƙarshen layi. Tsohuwa ce ke goye da yaron, uwar na bayanta ta rufe rabin fuska da gyale. Tsohuwar uwar miji ce, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni. Ta kwance ƙullin bakin zanenta ta miƙo mini kati. Ya yi laushi, gefensa ya sha hayaƙi. Na buɗe, na ga rubutuna.

Layi biyar ne a ciki. Na ƙarshe an yi shi sama da shekara ɗaya da rabi da ta wuce, yaron yana da wata tara. Na dubi wanda ke bayanta, bai fi wata bakwai ba.

Na ce, “Baiwar Allah, kin ɗauko katin wansa. Ina mai katin?”

Ta ce, “Ga shi nan bayana.”

“Wanga ai jinjiri ne.”

“Shi na. Ya tahi, yad dawo. Don mi za a ɓata sabuwar takarda? Ki ɗora daga inda kinka tsaya.”

Ta juyo da kansa ta nuna mini kunnen dama. An ɗan tsage gefensa. Na san abin. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya ana ce mata mai wabi, kuma ana cewa yaro ɗaya ne ke zuwa yana komawa. Wannan yarinya ta binne biyu, mai katin shi ne na biyu, ya rasu yana da wata goma. Da aka haifi na uku sai aka tsaga masa kunne, wai ya ji an gane shi ya yi kunya ya zauna.

Na karɓe shi na tuɓe shi. Bai yi kuka ba, kuma yaron da aka ɗora a farantin ƙarfe bai yi kuka ba abin dubawa ne. Idonsa kawai ke bina. Fatar cinyarsa ta yi tamoji kamar ta tsoho, gashinsa ya yi ja-ja ya kwanta. Na matsa ƙarfen sikeli har sandar ta daidaita. Laba goma sha ɗaya da oza huɗu.

Ban san abin da ya sa na sake duba tsohon katin ba. A layin wata bakwai, da hannuna, an rubuta laba goma sha ɗaya da oza huɗu. Na sauke yaron, na gyara sikelin, na mayar da shi. Bai canza ba. Tsohuwar ba ta iya karatu, amma ta iya karanta fuska.

Ta ce, “Kin gani ko?”

Na kira Sista. Ta duba bakinsa ko akwai farar kumfar nan da ke hana tsotso, babu. Ta danna bayan ƙafarsa da babban yatsa ta ɗaga, wurin bai loɓa ba, ta ce alhamdu lillahi bai fara kumburi ba. Jikinsa ba zafi, ƙirjinsa ba ƙara. Sannan ta karɓi tsohon katin ta ja ni bayan labule.

“Inna, karanta mini abin da kika rubuta a nan.”

Na karanta. Yana shan nono sosai. Yana shan kunu. A ci gaba. Layi na gaba ma haka, na gaba ma haka, nauyin kuwa yana tsaye, daga baya ya fara sauka.

“Wa ya gaya miki yana sha sosai?”

“Kakarsa.”

“Uwar fa?”

“Ba ta magana gaban uwar miji.”

“Kin gan shi yana sha?”

Ban gan shi ba. A lokacin da na cika katin nan sabuwar shiga ce ni, hankalina yana kan kada harafi ya karkace. Ni da na yi shekara ashirin ina kallon mata suna shayarwa, da aka ba ni fensir sai na daina kallo, na koma rubuta abin da aka faɗa mini. Sista ta mayar mini da katin kawai. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muka ce wa uwar ta zauna ta ba shi nono mu gani. Sista ta ɗaura masa tsumma ta auna shi da shi, don a sake aunawa in ya gama, a ga abin da ya shiga cikinsa. Yarinyar ta zauna a benci, kakar ta ɗora mata shi a cinya. Ba ta sa hannu ta tallafe shi ba. Ta sunkuya ta sakar masa nonon dama, ta kai hannuwanta biyu baya ta dafa benci, ta juya fuskarta ga bango. Yaron yana kwance rigingine, wuyansa a murɗe, ya kama kan nonon kaɗai da leɓe yana ja, kumatunsa suna loɓawa, sai ƙarar tsut-tsut. Haɗiya ban ji ba. Ba a jima ba kakar ta ce ya isa, ta ɗauke shi. Sikeli ya ce oza ɗaya, ita ma da ƙyar.

Na ce a ba shi na hagu. Kakar ta ce na hagu mugu ne. Tun haihuwar fari aka tatsa a ludayi aka jefa tururuwa, ta mutu a ciki, shi ke nan aka haramta shi. Na san gwajin, na yi shi da hannuna ba sau ɗaya ba kafin in gane cewa tururuwa ko a ruwan rijiya aka jefa ta nutsewa take. Sista ta taɓa nonon, ba ƙari ba ciwo, ya dai bushe don wata bakwai ba a taɓa shi ba. Ta ce kada mu yi faɗa a kansa yau, guda ɗaya ma yana riƙe yaro in ana tsotsonsa yadda ya kamata, kuma yawan tsotso shi ke kawo ruwa.

Na zauna kusa da yarinyar na ɗauko hannunta na sa ƙarƙashin yaron, na juyo shi cikinsa ya haɗu da nata. Na jira ya wage baki sannan na matso da shi, har haɓarsa ta taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, baƙin kewayen nonon ya shige bakinsa. Can sai muka ji haɗiya, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Da ya saki da kansa aka auna, ƙarin oza biyu. Duk wannan ba ta kalle shi ba.

Sista ta ba ni sabon kati, ta ce kowane yaro da nasa. Na rubuta abin da idona ya gani, sannan shawara uku. Nono duk lokacin da ya nema, dare da rana, a riƙe shi a jiki har ya saki da kansa. Kunun gero mai kauri da dakakkiyar gyaɗa da ɗan mai, sau uku a yini, bayan nono. A dawo Litinin mai zuwa. Na karanta musu da ƙarfi. Kakar ta karɓi sabon, ta miƙo hannu a ba ta tsohon, ta haɗa su ta ƙulle wuri ɗaya.

Ba su dawo ba sai bayan wata guda, ranar Sista. An yi ruwan farko, mutane suna shuka, layin awo ya ragu. Na tambayi kakar, ta ce yana shan nono sosai, yana shan kunu. Kalmomin nan na san inda suke a rubuce. Na ɗora shi. Laba goma sha ɗaya da oza biyu. Tun kafin ta kwance ƙullin na san abin da ke layin wata takwas na tsohon katin, don na haddace shi ba da sona ba. Haka yake, har ozar.

Ni ba mai tsoro ba ce. Na wanke gawa, na ciro yaron da ya mutu a ciki da hannuna. Amma ranar nan da na ɗauki fensir sai na ga kamar ba ni ke rubutu ba, kwafa nake daga wancan katin, kuma saura layi ɗaya a cikinsa. Yaron yana kwance a faranti yana kallona, bai ko motsa ƙafa ba.

Sista ta ce, “Inna, yara biyu aka ciyar iri ɗaya a gida ɗaya, don me ba za su yi nauyi ɗaya ba? Abin da ke cin sa yana gidan. Mota ba ta jirana. Ke za ki je ki yini.”

Ranar Laraba na hau jakin maƙwabcina na isa Garu da hantsi. Maza suna gona. Gidan shiru, ba kukan yaro ba wasan yara, sai tattabaru a kan rumbu. Na ce ban zo da magana ba, zama na zo yi. Na shimfiɗa tabarma a gindin rumbu, na zuba tsakuwa a gefe, duk shan nono in ware ɗaya.

Yaron yana ɗakin kakar, a ƙasa, kan wani tsohon buhu bayan ƙofa. Ba riga, ba laya, ba kwalli. Ba don talauci ba, gidan akwai awaki da zabi da rumbu biyu. Ɗan wabi ba a nuna ana son sa, don kada abin da ke ɗaukarsa ya ga an damu. Uwar tana daka, tana wanke-wanke, tana wucewa ta ƙofar ɗakin ba ta juya kai. Amma na lura duk lokacin da ya yi ɗan ƙara, taɓaryar takan tsaya a sama kafin ta sauko.

Daga hantsi har la'asar tsakuwa uku na ware. Kowane sai kakar ta kawo shi ta tsaya a kansu, ta ɗauke tun bai ƙoshi ba. Buhun da yake kai sau ɗaya na ga ya jiƙe, fitsarin kuwa ja, mai wari.

Da azahar aka kawo kunun. Na ce a ba ni in gani. Tun safe aka dama shi, ƙwaryar a buɗe. Na ɗebo a ludayi na karkata, ya zube kamar ruwan wanke hatsi. An tace shi, an ƙara ruwa, gyaɗa ko ƙamshinta babu. Kakar ta kwantar da yaron a cinyarta, ta tara tafin hannu a bakinsa, ta zuba, ta toshe masa hanci da yatsa. Ɗura ke nan, haka aka yi mana duka. Yana shaƙewa yana haɗiya, cikinsa ya yi tim, rabin ya dawo ta gefen baki. Ta goge hannu ta ce, “Kin ga yana shan kunu.” Ba ƙarya take ba. A wurinta ya sha.

Na ce, “Ina katin?”

Ta nuna mini rufin ɗaki. Suna soke a jikin azara, su biyun, a naɗe da tsumma. Nan na gane wata wautar tawa. Na yi ta ƙawata rubutun boko, gidan kuwa babu mai karanta boko ko ɗaya.

Na bi uwar madafa, na ja ƙyauren kara na rufe. Na ce, “Ɗiyata, da dare sau nawa yake sha?”

Ta daɗe tana tura kara a wuta. Muryarta da na ji a karon farko ƙarama ce, a dushe.

“Ba shi kwana wurina, Inna.”

“Nonon ba ya cika ya dame ki?”

“Da shina yi. Sai in tatse in zuba bayan ɗaki. Yanzu ya rage.”

“Wa ya hana ki riƙe shi?”

“Ba wanda ya hana. Na farin, ko kunyar ɗan fari ban yi ba, kullum shina jikina. Anka yi ta magana. Yat tahi. Na biyun ina satar kallonai in ba kowa. Shi ma yat tahi. Sunka ce idona na. In na kalle shi, shina ganin hanyar komawa.”

“Ke kin yarda?”

“Biyu na binne, Inna. Mi zan ce?”

Na fito raina a ɓace, na tsaya tsakar gida na faɗa wa kakar abin da ke bakina. Na ce yunwa ke cin yaron nan, yunwa ta ci wansa, kuma ni na taya ta da fensirina. Na ce ruwa take ɗura masa, ruwa kuwa ba ya zama tsoka.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Malama mai takarda. Wancan ma ke kinka rubuta mai, ina yake? Ni na wanke su, ni na naɗe su, duka biyu. In kina da wata dabara wadda ta fi hana shi ganin uwar, ki kawo. In babu, ki hau jakinki.”

Na duba fuskarta, na ga ba mugunta ba ce. Tsoro ne, irin wanda na ji a gaban sikeli, sai dai nata ya shekara uku yana kwana da ita. In na ci ta da faɗa na tafi, gobe za a koma ɗura. Na zauna na yi tunani irin na ungozoma, tunda na malama ya ƙare.

Akwai abin da ake yi wa ɗan wabi, na ga an yi tun ina yarinya. A kai shi juji a ajiye kamar an yar, wata daga waje ta zo ta tsince shi, ya zama nata. Na tambaya ko an yi wa wannan. Kakar ta ce an so yi, ba a samu mai tsinta ba, kowa na gudun ya bi ta gida.

Na ce, “Kai shi. Ni zan tsinta.”

Ta ce, “Ba ki tsoro?”

“Na daina haihuwa. In ya bi ni gida sai ya tarar da ni da kaji.”

Da rana ta yi sanyi ta ɗauke shi ta fita bayan gida, inda ake zuba toka da shara, ta ajiye shi ta juyo ba ta waiwaya ba. Ni na zagaya ta waje kamar mai wucewa. Ba kowa a hanyar. Yana kwance kan toka, tsirara, idonsa a sama, shiru, wata akuya tana tsaye nesa kaɗan tana kallonsa ta daina tauna. Ban yarda da abin ba, har yau ban yarda ba, amma ƙafata ta yi nauyi a 'yan takun nan. Na yi bisimilla na sunkuya. Da hannuna ya taɓa shi sai ya tsandara kuka, irin wanda ban taɓa ji daga bakinsa ba, har tattabarun gidan suka tashi.

Na shiga da shi ta ƙofar gida na yi sallama. Mijin ya dawo daga gona yana wanke ƙafa. Na ce na tsinci yaro, ba ni da nono, ko akwai mai riƙe mini? Na doshi uwar na sa mata shi a hannu.

“Wannan ɗana ne. Naki sun tafi, Allah Ya jiƙansu. Amana na ba ki, kuma ni ba a yi mini wasa da kaya. A jikinki zai yini, a jikinki zai kwana. Ki riƙa kallon bakinsa in yana sha, don zan tambaye ki.”

Ta dubi uwar mijinta. Tsohuwar ta ce, “Ɗan mutane na. Ki yi yadda tac ce.”

Na sa aka kawo gasarar gero da gyaɗa soyayya. Uwar ta daka gyaɗar har ta yi laushi ta fara fitar da mai. Muka wanke hannu, muka dama kunu ɗan kaɗan, da kauri, yadda in an karkata cokali sai ya yi jinkiri kafin ya faɗo, muka zuba gyaɗar da ɗigon man shanu. Na ware masa 'yar ƙwarya tasa shi kaɗai, don a riƙa ganin abin da ya ci da abin da ya bari. Bayan ya sha nono ta zaunar da shi a cinya ta ba shi da ƙaramin cokalin duma. Ya tofar da na farko da na biyu. Ya ci huɗu, ya kawar da kai. Kakar ta ce wannan ai ba ci ba ne, a ɗura. Na ce cokali huɗun nan sun fi ƙwaryar ruwanta, kuma wanda ya toshe wa ɗana hanci zai gamu da ni.

Mijin ya yi allo, yana karanta ajami. Na sa ya sauko da sabon katin, na ba shi fensir, ina faɗa yana rubutawa a bayansa. Nono dare da rana, kada ya gaza takwas. Kunu mai kauri sabon damu sau uku, in ya saba a kai huɗu, ba ɗura. Bayan mako a fara murza masa dafaffen wake, da kabewa, da gwaiduwar ƙwan zabo. In zawo ya zo kada a tsayar da nono, a kawo shi. A kan ƙwai ya tsaya ya ce, “Inna, an ce yaro shina zama ɓarawo.” Na ce in ya yi sata ni za a kai ƙara, ya rubuta. Ita kuma uwar na zana mata da'ira takwas da ƙwarya uku a gefen katin, na ce kullum ta tara tsakuwa ta gwada da zanen. Na ce katin ya bar azara ya koma cikin faifanta.

Litinin ta farko suka zo, oza uku ya ƙara. Ta biyu zawo ya kama shi, ya zubar da biyu, na yi kwana uku abinci ba ya mini daɗi. Ta uku ya ƙara biyar. Ranar da ya cika wata tara Sista tana nan. Tsohon katin ya ce laba goma da oza goma sha biyu, kuma daga nan ba sauran rubutu. Sikeli ya ce laba goma sha biyu cif. Sista ta sa na sake faɗa, ta duba sandar da kanta. Kakar ta ce, “Bari dai watan goma shi wuce.” Ban yi mata musu ba, ni ma shi nake jira.

Watan goma ya zo cikin marka. Garu ta yi wuyar zuwa, mako biyu ban gan su ba. Duk wanda ya yi sallama a ƙofata da safe sai in tsaya in saurari irin muryar kafin in amsa. Ranar Litinin ta uku ina goge faranti sai ga uwar ita kaɗai, zanenta jiƙe har gwiwa, yaron a bayanta. Ita ta kwance shi, ita ta ɗora shi. Ya kama gefen farantin yana neman tashi, yana ihu, da ƙyar na samu sandar ta tsaya. Laba goma sha uku da oza shida.

Na tambaye ta, ta amsa da bakinta. Nono tara jiya, uku cikin dare. Kunu huɗu, yana cinye rabin ƙwaryar, wake yana so, kabewa yana tofarwa. Fitsari ya yi fari, ta gaji da wanki. Na ce ta ba shi in gani. Ta tallafe shi, ya wage baki ya kama, tana kallonsa tana cire masa wani abu a gashi. Na rubuta abin da na gani.

Da na miƙa mata katin ba ta tashi ba. Ta duba ƙofa, ta rage murya.

“Inna, na hagun ya kawo.”

Na duba, na matsa, ga nono fari ya fito. Na ce, “Kin fara ba shi ke nan.”

“Ban taɓa ba. Ko na gwada da rana ba shi kamawa. Amma in na kwanta da shi cike, da asuba sai in iske ya saki, kamar an sha.”

Na ce mata yaron da ke kwana a jikin uwa yakan lalubo nono cikin barci, ita ba ta sani ba shi bai sani ba, kuma tsotson nan ne ya dawo da ruwan. Haka ne kuwa, da Sista ta zo ta ce haka ne.

Yarinyar ta ce, “To.” Ta goya shi, ta ɗaure zanen da kyau. Sai da ta kai bakin ƙofa ta ce, “Ga dama nika kwantar da shi, Inna. Can bango. Ba shi iya kai ga na hagun.”

Na ce ta ci gaba da ba shi duka biyun, ta dawo bayan mako biyu. A katin na ƙara layi ɗaya, cewa nonon hagu ya kawo, lafiya lau. Ta fita cikin yayyafi, na kira ta gaba.